Tirayal balans na watan Yuni ya ƙi daidaita, debit ya fi kiredit da naira 62,000

Magatakarda_SabonGari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da littattafan wani shagon taki, iri da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari. Da hannu muke rubuta littafin kuɗi da leja, sai a ƙarshen wata in kwashe ragowar kowane asusu in zuba a Excel domin in fitar da tirayal balans, wato jerin ragowar asusu duka inda jimlar debit ya kamata ta yi daidai da jimlar kiredit. Na watan Mayu ya daidaita lafiya lau, amma na Yuni ya ƙi: jimlar debit naira 18,746,500, jimlar kiredit kuma naira 18,684,500, wato debit ya fi da 62,000. Na sake haɗa jimlolin biyu, amsar ba ta sauya ba. Mai shago yana son ganin lissafin ribar rabin shekara kafin ya yi odar wata motar taki, ni kuwa ba zan iya miƙa masa lissafin da na san bai tsaya daidai ba. Watan Yuni shi ne watan da ciniki ya fi yawa a wurinmu saboda shuka, shigarwar ta cika shafuka da dama. Don Allah ta ina ya kamata in fara?

Dan_TudunWada:
Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka rufe shago ka ƙirga kuɗin da ke cikin akwati yau ɗin nan, sannan ka zaunar da yaran shago ɗaya bayan ɗaya. Naira 62,000 ba ta ɓacewa haka kawai, akwai hannun da ya ɗauke ta.

Akanta_Kongo:
Malam Dan_TudunWada, a yi hattara da wannan, domin za a iya ɗora wa yaran zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Rashin daidaituwar tirayal balans ba ya nufin kuɗi sun fita daga akwati. Abin da yake nunawa kawai shi ne akwai wurin da aka rubuta debit da kiredit ba daidai da juna ba. Hasali ma wanda ya ɗauke kuɗi bai rubuta cinikin ko'ina ba, tirayal balans ɗinsa zai daidaita tsaf, domin ɓangarorin biyu duk ba su san da cinikin ba.

Malam Magatakarda, daidaituwar watan Mayu babban taimako ne, tunda ta nuna kuskuren yana cikin Yuni, ko kuma a wajen sauko da ragowar Mayu zuwa sabon shafi. Kafin ka buɗe leja, yi wa 62,000 ɗin tambayoyi uku. Da farko, akwai wata shigarwa a watan mai wannan adadi daidai? Idan akwai, mai yiwuwa an rubuta ta a ɓangare ɗaya an manta da ɗayan. Na biyu, akwai shigarwa ko ragowar asusu mai naira 31,000, wato rabinsa? Idan aka sa adadi a debit alhali gurbinsa kiredit ne, bambancin da zai fito ninkinsa biyu ne, saboda an rage shi daga inda ya dace kuma an ƙara shi inda bai dace ba. Na uku, yana rabuwa da 9 ba saura? Wannan ita ce alamar lambobin da suka musanya gurbi.

Hajiya_Samaru:
Na gwada masa ta ukun. Ba sai an yi dogon rabawa ba, a haɗa lambobin kawai: 6 da 2 sun ba da 8, sifili kuma ba ya ƙara komai, don haka 62,000 ba ya rabuwa da 9. Ke nan maganar juyar da lambobi ta fita, sai ya mai da hankali kan sauran biyun.

Akanta_Kongo:
Hajiya, lissafinki daidai ne, amma hukuncin ya ɗan yi sauri. Gwajin 9 yana aiki ne idan kuskuren guda ɗaya ne tak. Idan akwai kuskure biyu, ɗaya na juyar da lambobi ɗaya na shigarwar ɓangare ɗaya, abin da ke bayyana a ƙasan takarda haɗinsu ne, ko kuma abin da ya rage bayan ɗaya ya cinye wani sashe na ɗayan, kuma wannan adadin ba dole ne ya rabu da 9 ba. Abin da za mu iya cewa shi ne ba juyar da lambobi kaɗai ba ne. A watan da aka yi ciniki irin na Yuni, ni na fi tsammanin kuskuren ya wuce ɗaya.

Magatakarda_SabonGari:
Na gode ƙwarai. Babu shigarwa mai 62,000 a watan gaba ɗaya. Amma akwai 31,000, kuɗin dako da lodi da muka biya ranar 9 ga wata lokacin da aka sauke motar yuriya. Na bi ta: tana ɓangaren fita a littafin kuɗi, tana kuma debit a asusun dako, adadin iri ɗaya ne a wuraren biyu. Ina ganin ba ita ba ce.

Odita_Kwangila:
Ba ita ba ce, kuma ko da ka same ta a karkace da sai a duba wane ɓangare ta karkata. Ka lura da cewa debit ne ya yi yawa, wannan kuwa yana rage maka rabin aiki. Abin da kake nema ɗayan biyu ne: ko an yi debit da ya wuce ƙima, ko kuma akwai kiredit da bai cika ba ko ba a yi shi ba sam. Kuɗin dako gurbinsa debit ne dama, da a ce an kai shi kiredit bisa kuskure, da kiredit ne zai fi yawa, ba debit ba. Wanda za ka tuhuma da rabin bambanci shi ne abin da asalinsa kiredit ne, kamar kayan da kuka mayar wa dila ko ragin da dila ya yi muku, aka ɗora shi a debit.

Ɗalibi_NuhuBamalli:
Ranku ya daɗe, tunda ya ce a Excel yake haɗawa, ya kamata a tabbatar ba daga can matsalar take ba. Idan aka buga adadi da waƙafi a inda bai dace ba, ko aka sa harafin N a gabansa, Excel yana ɗaukarsa rubutu ne ba lamba ba, kuma SUM yana tsallake shi ba tare da ya yi gargaɗi ba. Haka kuma idan an ƙara sabon asusu a ƙasa, wani lokaci iyakar SUM ba ta kai gare shi ba. Zai iya ƙirga gidajen da ke ɗauke da lamba ya kwatanta da gidajen da ke ɗauke da wani abu ko mene ne, a ce debit yana jerin B, kiredit yana jerin C, jimlolinsu kuma suna layi na 61:

```
=COUNT(B2:B60)
=COUNTA(B2:B60)
=MOD(B61-C61,9)
```

Idan na farko da na biyu suka bambanta, akwai adadin da ya zama rubutu. Na ukun kuma shi ne gwajin da Hajiya ta yi da ka, zai ba shi 8.

Magatakarda_SabonGari:
Allah ya yi albarka, ɗan'uwa. Na duba debit da kiredit duka, ƙirgan biyu sun zo ɗaya, kuma na haɗa da kalkuleta daga ƙasa zuwa sama na sami jimla iri ɗaya. Na kuma bi ragowar Mayu ɗaya bayan ɗaya, duk an sauko da su daidai, har da na akwati da na banki. Matsalar tana cikin leja.

Odita_Kwangila:
To, yanzu kada ka fara bin leja daga shafin farko, za ka gaji kafin ka isa wurin. Raba littafin gida-gida ka gwada kowane gida shi kaɗai, ka fara da masu bashi, domin a shagon taki a damina nan ne hannu ya fi yawa. Ɗauki jimlar bashin da kuke bi a farkon Yuni, ka ƙara jimlar kayan da aka bayar bashi a watan daga littafin ciniki, ka cire jimlar kuɗin da masu bashi suka biya daga littafin kuɗi, ka cire kayan da suka dawo da su da duk wani ragi da aka yi musu. Abin da ya fito shi ne bashin da ya kamata a ce kuna bi a ƙarshen wata. Sai ka haɗa ragowar asusun kowane mai bashi daga leja ka kwatanta. Amfanin wannan shi ne adadin da ka lissafa bai bi ta cikin shigarwar leja ta Yuni ba ko kaɗan, daga littattafan asali ya fito, saboda haka duk abin da ya ɓace a hanya tsakanin littafin asali da leja zai fito fili. Bayan haka ka yi irinsa ga diloli da suke binku.

Baba_Danmagaji:
Ni dai abin da na sani tun muna aikin kantin kayan masarufi shi ne, idan bambanci ya ƙi samuwa, a buɗe asusun jiran gyara a zuba shi a ciki, a ba mai shago lissafinsa ya yi odarsa. Damina ba ta jiran akawu, kuma farashin taki ba ya zama wuri ɗaya. Idan an sami kuskuren daga baya sai a gyara a rufe asusun. Naira 62,000 cikin miliyan 18 ba abin da zai hana ciniki ba ne.

Hajiya_Samaru:
Baba, da girmamawa, ni na ga inda wannan ya kai mutane. A wata ƙungiyar adashi da bashi ta mata da na taɓa taimaka wa, wanda ya riƙe littafin kafin ni ya buɗe irin wannan asusu da ɗan ƙaramin adadi, kowane wata kuma sai a ƙara masa wani abu ko a rage, har ya zama ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Da muka zauna muka warware, sai muka tarar ƙaramin adadin nan manyan kurakurai ne guda biyu da suka kusa cinye juna, ɗaya biyan wata mata ne da ba a shigar a asusunta ba, ana ta binta bashin da ta riga ta biya. Ƙanƙantar bambanci ba ta nuna ƙanƙantar abin da ke ƙarƙashinsa.

Akanta_Kongo:
Asusun jiran gyara halattaccen abu ne a aikin, Baba bai yi kuskure ba a nan, kuma idan lokaci ya ƙure ana buɗe shi. Sharaɗin shi ne a gaya wa mai shago cewa ribar da ke takardar ta wucin gadi ce, domin idan kuskuren yana cikin asusun ciniki ko na kashe-kashe, ribar kanta za ta motsa. Amma Malam Magatakarda bai kai nan ba tukuna, gwajin da Odita ya ba shi aikin yamma ɗaya ne.

Magatakarda_SabonGari:
Alhamdu lillahi, an sami ɗaya. Bashin farkon wata 2,140,000, kayan da aka bayar bashi 3,965,000, kuɗin da aka karɓa 3,610,000, kayan da aka dawo da su 45,000, ba a yi wa kowa ragi ba. Ya kamata a ce muna bin 2,450,000, amma ragowar asusun masu bashi a leja ta haɗu ta ba da 2,485,000, wato ta haura da 35,000. Na koma littafin kuɗi ina bin layin da muke rubuta lambar shafin leja a gefen kowace shigarwa, sai na ga ranar 23 ga wata akwai tiransifa ta 35,000 da ta shigo banki, an rubuta ta a ɓangaren shiga da bayanin "biyan bashin taki", amma gidan lambar shafi fanko ne, babu ko alamar biro. An yi debit na banki, ba a yi kiredit a asusun kowa ba. Na diloli kuma ya daidaita. Saura 27,000.

Hajiya_Samaru:
Madalla. Ga shi kuwa 2 da 7 sun ba da 9, maganar Malam Akanta ta fito. Yanzu sai ya nemi shigarwar 27,000 da aka juya ta zama 72,000.

Akanta_Kongo:
Ba haka ba, Hajiya, domin tsakanin 72,000 da 27,000 akwai 45,000 ne. Adadin da aka juya ba shi ne bambancin ba, bambancin yana nuna hanya ne zuwa gare shi. Ga yadda abin yake: idan lambobi biyu maƙwabta suka musanya gurbi, ɗaya ta tashi daga gidan goma ta koma gidan ɗaya, ɗayar kuma ta haura, sai bambancin ya zama tazarar da ke tsakanin lambobin biyu sau 9. Dubi 85 da 58: tazarar 8 da 5 ita ce 3, kuma 85 a cire 58 saura 27, wato 3 sau 9.

Saboda haka raba 27,000 da 9, ka sami 3,000. Ukun tana gaya maka tazarar lambobin biyu 3 ce, sifili ukun kuma suna gaya maka musanyar ta faru tsakanin gidan dubu da gidan dubu goma. Ma'auratan da ke da wannan tazara bakwai ne kacal: 03 da 30, 14 da 41, 25 da 52, 36 da 63, 47 da 74, 58 da 85, 69 da 96. Ba ruwanka da lambar da ke gidan dubu ɗari ko ta gidan ɗari, ko mece ce. Sannan ka tuna maganar Odita: tunda debit ne ya fi, a ɓangaren kiredit ƙaramin ma'auracin kake nema, irin 14, 25 ko 58, a ɓangaren debit kuma babban, irin 41, 52 ko 85. Duk wanda ka gani ka ja masa layi da fensir ka koma takardar asali.

Odita_Kwangila:
Ƙari kan wannan, kada ya kulle ransa a kan musanya kaɗai. Idan sifili ya faɗi ko ya ƙaru, bambancin shi ma yana rabuwa da 9, kuma a nan ya dace sosai: 30,000 da aka rubuta 3,000 a kiredit zai ba da 27,000 daidai, haka ma 3,000 da aka rubuta 30,000 a debit. Sannan gwaji biyun farko sun dawo sabbi, ya duba ko akwai shigarwar 27,000 da aka yi wa ɓangare ɗaya, ko ta 13,500 da ta faɗa ɓangaren da ba nata ba. Duk lokacin da aka gano kuskure ɗaya, sauran adadin sabon bambanci ne, a yi masa tambayoyin daga farko.

Mai_POS_PZ:
Ni ina ganin cajin banki ne. Kowane wata idan na kwatanta littafina da takardar banki sai na ga bambanci saboda kuɗin saƙo da sauran abin da suke cirewa, ga kuma tiransifar da ke makalewa ta dawo bayan kwana biyu.

Akanta_Kongo:
Wancan daidaita littafi da takardar banki ne, aiki ne dabam, ɗan'uwa. Cajin da ba a rubuta ba ya ɓace ne daga ɓangarorin biyu, don haka ba ya taɓa tirayal balans, ko da yake ya kamata a shigar da shi.

Baba_Danmagaji:
Idan za ka bi su, kada ka bi kai kaɗai, domin idon da ya saba da shafi yana karanta abin da yake tsammani ne. Samu mutum guda ya riƙe littafin kuɗi, kai ka riƙe leja ka karanto adadin da baki cikakke, "dubu ɗari biyu da hamsin da takwas", shi kuma ya duba nasa ya amsa, kowa ya yi alama da fensir a gefen abin da aka tabbatar. Idan kun gama, duk layin da ba shi da alama a kowane littafi shi ne shigarwar ɓangare ɗaya. Haka muka yi shekara da shekaru kafin kwamfuta.

Magatakarda_SabonGari:
Baba, adadin da ka buga misali da shi ma shi ne. Na fara da asusun ciniki saboda shi ne mafi yawan kiredit, na ja layi ƙarƙashin adadi huɗu da suka dace da jerin Malam Akanta. Uku sun yi daidai da littafin kuɗi. Na huɗun cinikin hannu ne na ranar 17 ga wata: littafin kuɗi ya ce 285,000, kwafin rasit na ranar da na haɗa su ma sun ba da 285,000, amma a asusun ciniki an rubuta 258,000. Kiredit ya gaza da 27,000. Idan aka haɗa da 35,000 ɗin can, 62,000 ta cika. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗalibi_NuhuBamalli:
Masha Allah. Ke nan sai a ƙara 62,000 a kiredit, ɓangarorin biyu su tsaya a 18,746,500.

Odita_Kwangila:
A'a, jimlar gaskiya ba ɗaya daga cikin biyun farko ba ce. Gyaran ciniki yana ɗaga kiredit daga 18,684,500 zuwa 18,711,500. Shi kuwa 35,000, ko da yake kiredit za a yi a asusun mai bashi, ragowar wannan asusu debit ce, don haka raguwa za ta yi, jimlar debit ta sauko daga 18,746,500 zuwa 18,711,500. A nan za su haɗu. Ka lura kuma ribar ta ƙaru da 27,000 ne kawai, domin biyan bashi ba ciniki ba ne, an riga an lissafa cinikin ranar da aka ba da kayan. Malam Magatakarda, kada ka goge ko ka shafa farin ruwa a kan 258,000. Ja layi ɗaya yadda za a iya karanta tsohon, ka rubuta daidai a samansa ka sa hannu da kwanan wata, ko kuma ka shigar da ƙarin 27,000 a sabon layi da bayanin dalili.

Akanta_Kongo:
Ni na fi son sabon layi da bayani, musamman tunda an riga an rufe shafin Yuni an fitar da ragowa, jan layi zai sa a sake gyara duk jimlolin da ke ƙasa. Amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Kiredit ɗin 35,000, a asusun wa za ka yi shi? Tirayal balans zai daidaita ko a asusun wa ka sa shi, ba zai taɓa gaya maka ka sa a na wanda bai biya ba.

Magatakarda_SabonGari:
Nan ne na tsaya, ranka ya daɗe, kuma ina zaton dalilin da ya sa aka bar gidan fanko tun ranar ke nan. Sunan da ya fito a saƙon banki ba ya cikin masu bashinmu, da alama mai POS ne ko ɗan wani ya tura a madadinsa. Akwai manoma biyu da zai iya zama nasu, ɗaya daga wajen Giwa ɗaya daga wajen Soba, kowannensu bashinsa ya haura 35,000, kuma ba a yanka rasit ba. Yaron da ke shago ranar yana ganin na Giwa ne, amma bai tabbatar ba.

Baba_Danmagaji:
To ga inda asusun jiran gyara yake da aiki ko Hajiya ba ta so. A sa 35,000 ɗin a can da kwanan wata da sunan da ya fito a saƙon, har mai shi ya bayyana.

Hajiya_Samaru:
Wannan ban ƙi ba, Baba, tunda an san adadin, an san ranar, an san abin da ake jira. Amma ni da zan ba da shawara, kada a kira su a tambaye su wa ya tura 35,000. A aika wa kowannensu bayanin asusunsa yadda yake a leja yanzu, wanda ya biya shi zai ce ba a cire masa ba, sai a nemi ya nuna shaidar tiransifar a wayarsa ko takardar mai POS.

Odita_Kwangila:
Hanyar Hajiya ta fi tsafta, sai dai manomi a tsakiyar damina ba lallai ya duba takarda kafin kaka ba. Idan ka zaɓi ajiye shi a asusun jira, ka sani jimlar za ta zama 18,746,500 a ɓangarorin biyu har zuwa ranar da za a mai da shi asusun mai shi, domin masu bashi suna nan a 2,485,000, kuma 35,000 ɗin tana zaune a kiredit ita kaɗai. Ka rubuta wa mai shago wannan a ƙasan takardar, ya san bashin da yake bi a gaskiya 2,450,000 ne, kuma kada a matsa wa ɗayansu da neman cikakken biya kafin a tantance.